Yadda ake ƙiyasta emisibitin hayaƙin tanderu daga matsi da tsawon hanya

Tambaya: "Malam, muna da tanderu mai siffar akwati, cikinta mita 2 a faɗi, mita 2 a tsayi, mita 4 a tsawo. Gas ɗin metan muke ƙonawa, zafin hayaƙin ciki kusan 1400 K, na'urar awon hayaƙi kuma tana nuna kabon dayoksaid kashi 10.6 cikin ɗari. Na nemi emisibitin wannan iska a teburi kamar yadda ake samun na ƙarfe ko bulo, ban samu ba, sai zane-zane masu neman matsi da wani tsawo. Wane matsi, wane tsawo, kuma ta yaya zan kai ga lamba ɗaya?"

Ɗan'uwa, ba za ka same ta a teburi ba, domin iska ba ta da fuska. Bulo da ƙarfe suna fitar da zafinsu ne daga fatar jikinsu, abin da ke can ciki ba ya shiga lissafi, shi ya sa lamba ɗaya take isar su. Iska kuwa kowane ɓangare na cikinta yana fitarwa, kuma abin da na baya ya fitar sai ya ratsa na gaba kafin ya isa bango. Saboda haka abin tambaya shi ne: ƙwayoyi nawa masu iya fitar da zafi suke kan hanyar da ke tsakanin wannan bango da wancan? Amsar tana cikin abu biyu, yawan ƙwayoyin a kowane taku, wato matsinsu, da tsawon hanyar. Idan ka ninka su da juna ka samu abin da zanen yake nema, pL.

Ba kowace ƙwaya ce take cikin wannan harka ba. Naitirojin da oksijin, waɗanda su ne mafi yawan hayaƙinka, a wannan zafi ba sa fitarwa kuma ba sa shanyewa, radiyeshin ratsa su yake yi kamar ba sa nan. Masu aikin su ne kabon dayoksaid da tururin ruwa. Su ma ɗin ba a kowane zango suke yi ba. Ka ɗauke su kamar gidan rediyo mai watsa shiri a kan wasu mitoci kaɗan, tsakanin mitocin kuma shiru. Kabon dayoksaid yana da manyan zanguna uku, wajen maikuromita 2.7 da 4.3 da 15. Tururin ruwa nasa sun fi yawa kuma sun fi barbazuwa: wajen 1.4 da 1.9 da 2.7 da 6.3, sannan wani mai faɗi can a dogon zango. Ka riƙe wannan 2.7 da ta fito sau biyu, za mu dawo kanta. Emisibitin da kake nema shi ne kason da waɗannan zanguna suka cike daga cikin duk abin da baƙin jiki mai zafi ɗaya da iskar zai fitar.

Mu fara da matsi, don a nan lambarka take da tarko. Zanen ba matsin tanderu gaba ɗaya yake nema ba, kason matsin kowace iska yake nema, wato kasonta a cikin hayaƙin a ninka da cikakken matsi. Tanderu irin taka tana aiki ne daf da matsin sararin waje. Ma'aunin da ke jikinta zai nuna kusan sifili domin bambanci yake aunawa, amma a lissafi 1 atm za ka rubuta.

Ita kuwa 10.6 da na'ura ta ba ka, yawancin irin waɗannan na'urori sai sun sanyaya hayaƙin sun tsiyaye ruwan cikinsa kafin su auna. Wato busasshen hayaƙi suke ba ka labarinsa, alhali a cikin tanderu ruwan yana nan a matsayin tururi, kuma shi ne ya fi kowa aiki. Dawo da shi ba wuya. Kowane mol ɗaya na metan yana ba da mol ɗaya na kabon dayoksaid da mol biyu na ruwa. Idan mol ɗayan nan shi ne kashi 10.6 na busasshen hayaƙi, to busasshen hayaƙin duka mol 9.43 ne, wato 1 a raba da 0.106. Ƙara mol biyu na ruwa, ka samu 11.43. Ke nan a cikin tanderu kabon dayoksaid kashi 8.75 ne, tururi kuma kashi 17.5. Wannan ya yi daidai da ƙona metan da rarar iska ta kusan kashi 10, abin da ke nuna na'urarka tana faɗin gaskiya. Matsin da za mu yi aiki da su:

```
p_c = 0.0875 atm
p_w = 0.175 atm
```

Sai tsawo. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, wani ya ɗauki mita 4, wani mita 2. Ka tsaya a zuci a tsakiyar dogon bango ɗaya ka duba cikin tanderun. Idan ka kalli gabanka sak, mita 2 na iska kake gani. Ka karkata ido zuwa kusurwar can nesa, hanyar ta ƙara tsawo. Ka matsa kusa da gefe ka kalli bangon da ke maƙwabtaka, taku ɗaya kawai ya rage. Zafin yana zuwa ta dukkan waɗannan hanyoyi a lokaci guda. Hoyt Hottel, injiniyan MIT wanda zane-zanen suke ɗauke da sunansa, ya sauƙaƙa abin da cewa a musanya ainihin siffar da rabin ƙwallo na iska wanda duk hanyoyinsa zuwa tsakiya tsawonsu ɗaya, kuma yake ba da zafi daidai da na ainihin siffar. Tsawon wannan hanya shi ne matsakaicin tsawon da ake kira L. Ga siffa kowace iri, ana ƙiyasta shi haka:

```
L = 3.6 V / A
```

V girman cikin da iska ta cika, A kuma faɗin dukkan fuskokin da suka kewaye ta. Asalin lissafin 4V/A yake bayarwa, amma wannan na iskar da ba ta shanye komai daga nata zafin ba ne. Da yake dogayen hanyoyi suna asarar wani abu a tafe, sai aka rage kashi goma, aka koma 3.6. A tanderunka V mita kyubik 16 ne. Fuskoki biyu na ƙarshe murabba'in mita 4 kowace, dogaye huɗu 8 kowace, jimla 40. L ya zama mita 1.44. Ka lura ya gaza ko da gajeren gefen tanderun, kuma haka ya kamata ya kasance, saboda gajerun hanyoyin nan na kusa da kusurwa suna da yawa. In akwai bututu ko kayan da ake gasawa a ciki, ka cire girmansu daga V, ka ƙara fuskarsu a kan A. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage L sosai.

Yanzu a ninka. Na kabon dayoksaid 0.126 atm·m, na tururi 0.252 atm·m. Kafin ka ɗora yatsa a kan zane, karanta abin da aka rubuta a gefensa. Zane-zanen Hottel na asali da ƙafa aka auna tsawo, zafi kuma da ma'aunin Rankin, kuma har yau bugu da yawa sun mayar da zafin zuwa K amma sun bar layukan a ft·atm. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, don haka lambobinka su ne 0.41 da 0.83 ft·atm. Zafin 1400 K kuma 2520 ne a Rankin. Na taɓa duba lissafin wani matashin injiniya da ya karanta layin 0.25 na zanen ƙafa da lambarsa ta mita, emisibitin tururinsa ya fito wajen rabin abin da ya kamata, ya kwana biyu yana zargin na'urar ƙona gas. Abin ya ba ni tausayi, domin duk sauran aikinsa tsaf yake.

A zanen kabon dayoksaid, ka tashi daga 1400 K a layin ƙasa ka hau har ka haɗu da layin 0.4, za ka karanta kusan 0.11. A na tururi, tsakanin layin 0.8 da na 1.0 amma daf da na 0.8, za ka samu tsakanin 0.15 da 0.16, mu ɗauki 0.155. Ma'aunin gefen zanen na logaritim ne, ratar 0.1 zuwa 0.2 ta fi ratar 0.2 zuwa 0.3 faɗi, saboda haka kada ka raba tsakani da ido kamar rula.

Waɗannan lambobi biyu ba a haɗa su haka nan. Akwai gyara biyu, kuma kowanne yana da dalilinsa.

Na farko gyaran matsi ne, kuma shi ne ke nuna cewa pL ba ta faɗi komai da komai ba. Kowane zango da na ambata, in aka duba shi da kyau, tarin siraran layuka ne masu tazara a tsakaninsu. Idan ƙwayoyi suna yawan karo da juna layukan suna faɗaɗa su cike tazarar, iskar kuma ta ƙara fitarwa ko da pL bai canza ba. Ƙarin matsi yana ƙara karo. Ga kabon dayoksaid an zana zanen a kan cikakken matsi na 1 atm, kai ma a nan kake, saboda haka C_c ɗinka 1 ne, babu gyara. Tururi kuwa nasa daban ne. Ƙwayar ruwa idan ta yi karo da 'yar'uwarta tana faɗaɗa layin fiye da idan da naitirojin ta yi karo, shi kuma zanen an yi shi ne kamar tururin ɗan kaɗan ne ƙwarai a cikin iskar. Naka kashi 17.5 ne, ba kaɗan ba ne. Ƙaramin zanen gyaran yana neman rabin jimlar matsin tururi da cikakken matsi, wato (0.175 + 1)/2, wanda ya ba da 0.59 atm. A kan 0.5 ne C_w yake zama 1, a 0.59 kuma da pL irin naka yana kusan 1.1. Emisibitin tururi ya tashi zuwa 0.17. Mutane da yawa suna tsallake wannan da zarar sun ga tanderu tana kan matsin waje, suna zaton gyaran matsi na manyan tukwane masu matsi ne kawai. A ganina kuskure ne da bai kamata a yi ba, minti ɗaya yake ci, kuma kashi goma ne na iskar da ta fi ba da zafi.

Na biyu shi ne 2.7 ɗin da na ce ka riƙe. A wannan zango, da kuma wajen 15, iskokin biyu suna magana a kan mitar rediyo ɗaya. Abin da kabon dayoksaid ya fitar a nan tururi yana shanye wani kaso kafin ya kai bango, shi ma tururin haka ake yi wa nasa. In ka haɗa lambobin biyu kai tsaye ka ƙirga wannan wuri sau biyu. Zanen gyaran yana neman kason tururi a cikin su biyun, wanda a metan kullum biyu bisa uku ne, wato 0.67, da jimlar pL ɗinsu, 1.24 ft·atm. Zanuka uku ne na zafi daban-daban, kai na ƙarshen za ka duba, wanda ya shafi kusan 1200 K zuwa sama. Abin cirewa yana wajen 0.03.

```
ε_g = C_c ε_c + C_w ε_w − Δε
ε_g = 0.11 + 0.17 − 0.03 = 0.25
```

To ga lambarka, 0.25. Baƙin jiki a 1400 K yana fitar da σT⁴, inda σ take 5.67 × 10⁻⁸ W/m²K⁴, wato kusan kilowat 218 a kowane murabba'in mita. Hayaƙinka yana zuba wa bango kwata na wannan, kusan kilowat 54.

Ba ka tambayi abin da ke biye ba, amma na san da zarar ka samu 0.25 za ka so ka sa ta cikin lissafin zafin da bango yake karɓa, kuma a nan akwai wuri ɗaya da sabon da muka yi da daskararrun abubuwa yake yaudara. Bango ma yana mayar da radiyeshin, iska kuma tana shanye wani kaso nasa. Wannan kaso, α, ba daidai yake da 0.25 ba sai in bango da iska zafinsu ɗaya. Dalili kuwa shi ne, zafin bango ne yake yanke zangon da radiyeshin ɗinsa zai fi taruwa. A 1400 K ƙololuwar tana wajen maikuromita 2.1, inda zangunan iskar sirara ne. Bangon da ke kan 800 K ƙololuwarsa tana wajen 3.6, ta matso kusa da 4.3 na kabon dayoksaid da 6.3 na tururi, inda suka fi ƙarfin sha. Don haka kason da iskar take sha daga na bango ya fi emisibitinta.

Hanyar Hottel ita ce ka koma zanukan nan dai, amma ka karanta a zafin bango, ka kuma ninka pL da T_s/T_g, wato zafin bango a raba da na iska:

```
α_c = C_c (T_g/T_s)^0.65 × ε_c(T_s, p_c L T_s/T_g)
α_w = C_w (T_g/T_s)^0.45 × ε_w(T_s, p_w L T_s/T_g)
```

Bari in ɗauka fuskokin da ke karɓar zafi suna kan 800 K, kai sai ka sa naka awon. T_s/T_g ya zama 0.57, sababbin pL kuma 0.24 da 0.47 ft·atm. A 800 K zanen kabon dayoksaid yana ba da kusan 0.10, a ninka da 1.44 ya zama 0.144. Na tururi kusan 0.18, a ninka da 1.29 da kuma 1.1 ya zama 0.255. Abin cirewa na haɗuwar zanguna, wanda shi ma a zafin bango ake karanta shi, kusan 0.02 ne. α_g ya fito 0.38, ya fi emisibitin da rabi. Baƙin bango a 800 K yana fitar da kilowat 23.2 a murabba'in mita, iska ta sha kusan 9 daga ciki, abin da ya rage wa bango riba kusan 46. Bango na gaske ba baƙi ba ne tsantsa, yana mayar da wani abu wanda yawancinsa zai sake dawowa bayan ya zaga. Ga bangon da emisibitinsa ya haura kusan 0.7, ana ninkawa da (ε_s + 1)/2. In naka 0.8 ne, 0.9 ke nan, sakamako kusan kilowat 41 a murabba'in mita. Wannan lissafi na tanderun da dukkan bangonta ke karɓar zafi ne. Idan wani ɓangaren bulo ne mai riƙe zafi, bulon zai yi zafi sosai ya riƙa sake jefa abin da ya karɓa ta wuraren shirun nan da iska ba ta tarewa, kayan da kake gasawa kuma su samu fiye da abin da iska ita kaɗai za ta ba su.

Yaya za ka yarda da 0.25? Ni ba na rubuta mata lamba ta uku bayan ɗigo. Zane-zanen sun samo asali ne daga awon da aka yi tun wajen shekarun 1930 zuwa 1940, kuma layukan tururi na zafi mai yawa ƙarasa su aka yi daga awon da aka yi a ƙasa da wannan zafi. A 1972 Bo Leckner ya fitar da nasa ƙa'idojin da aka gina daga bayanan zanguna, kuma ga tururi mai zafi sukan ba da lamba sama da ta Hottel. In ka sa lambobin tanderunka a cikinsu, tururi yana fitowa wajen 0.20, jimla kuma wajen 0.28. Ratar kashi goma da ɗoriya ke nan tsakanin hanyoyi biyu da ake girmamawa, kuma wannan shi ne gwargwadon abin da za ka sa ran samu daga irin wannan ƙiyasi. In kwamfuta za ka sa ta yi aikin, na Leckner sun fi dacewa don lissafi ne kai tsaye, ba karatun ido ba.

Kada kuma ka ɓata lokaci kana tace L. Tsakiyar zangon 4.3 yana da ƙarfi har ya kan ƙoshi cikin 'yar gajeriyar hanya, ƙarin iska bayan nan gefunan zangon kawai take ƙara wa. Da za ka ninka tsawon hanyar tanderunka sau biyu, kabon dayoksaid daga 0.11 zuwa 0.13 kawai zai motsa. Tururi, mai layuka barbaje da ba su cika ba, shi zai ƙaru da kusan sulusi. Kuskuren kashi goma a L ba ya kai kashi biyar a amsa. Inda ya kamata hankalinka ya tsaya shi ne 1400 K ɗin. Bambancin digiri 50 kacal yana sauya T⁴ da kashi 15, raguwar emisibiti da zafi kuma kaɗan take ragewa daga wannan. Ka binciki yadda aka samo lambar. Tamokoful ɗin da aka zura tsirara cikin hayaƙi yana kallon bango mai sanyi yana jefa masa zafinsa, sai ya nuna ƙasa da gaskiya, a tanderu mai sanyin bango ratar takan wuce digiri ɗari. Ma'aunin da ake so shi ne mai garkuwa a kewaye da bakinsa, wanda ake zuƙo hayaƙi da gudu ta kansa. Kuma iskar ba zafi ɗaya take da shi daga bakin wuta zuwa mafita ba. In bambancin yana da yawa, raba tanderun gida biyu ko uku, ka yi wa kowane yanki nasa lissafin.

Abu na ƙarshe da ido ake duba shi. Leƙa ta ramin kallo. In harshen wutar shuɗi ne, kana hango bulon bangon can ta cikinsa sarai, duk abin da muka lissafa yana nan daram. In ka ga ya koma rawaya mai haske har yana rufe maka bango, kunkunniya ce take ci a ciki, ita kuma ba ta da zanguna, a ko'ina take fitarwa, har a wuraren da iskokin biyu suke shiru. A yankin da take, emisibiti yana iya ninka 0.25 ko ya wuce, kuma za ka ga alamar a bututun da ke fuskantar wutar, suna yin zafi fiye da lissafi yayin da hayaƙin mafita yake fita da sanyi fiye da yadda ka zata. Da metan da rarar iska kashi 10 bai kamata ka ga haka ba. In ka gani, gas da iska ba sa gauraya da kyau a bakin na'urar ƙonawa, sai a fara gyara can kafin a koma kan zane.